Shekarar da Tsuyako Ta Sauka Daga Jirgin Mijinta

A ƙauyenmu da ke gaɓar tekun Shima, a ƙasar Japan, mata ne ke yin nutso, kuma kashi biyu ne. Akwai matan gaɓa, waɗanda ke shiga ruwa da ƙafarsu a ƙungiya, kowace da taya mai yawo a kan ruwa da take rataya wa ragar kamu, su yi nutso a inda zurfin bai kai a tsorata ba, sannan su koma bukkarsu su ji ɗumin wuta. Akwai kuma matan jirgi, waɗanda mazansu ke kai su can tsakiya. Matar jirgi takan rungumi dunƙulen ƙarfe ya yi ƙasa da ita cikin sauri, da igiya ɗaure a ƙugunta, ta ɓamɓaro awabi, wani dodon-koɗin teku mai tsada, daga ƙarƙashin duwatsu, idan numfashinta ya kusa ƙarewa ta fizgi igiyar, mijin ya jawo ta da iya ƙarfinsa. Tsakanin nitsewa da fitowa daƙiƙa hamsin ne, ko ƙasa da haka. Wannan aiki ba a cika ba wa kowa shi ba sai miji.

A cikin masu jirgi babu waɗanda ake ambato kamar Seko Genzo da matarsa Tsuyako, maƙwabtanmu na jikin katanga. Shekara talatin da huɗu suna fita tare. An ce Genzo yakan fara ja kafin ta fizga, domin yana jin gajiyarta a yatsunsa tun ita ba ta sani ba. Duk bikin aure da aka yi a ƙauyen sai wani dattijo ya miƙe da kofi a hannu ya ce wa ango da amarya, "Ku zama kamar gidan Seko, waɗanda ba sa bukatar magana." Sai a yi tafi, Genzo ya sunkuyar da kai, Tsuyako ta yi murmushi. Ni ma na yi wannan tafi sau da dama, kuma har yau ban daina ganin girmansu ba, sai dai dalilin ya sauya. Abin da zan faɗa na ji shi ne daga bakin kakata Masuno, shugabar matan gaɓa, wani kuma daga bakin Tsuyako da kanta da yardarta, kuma zan kiyaye kada in ƙara abin da ba a gaya mini ba.

A gida ba su taɓa yin faɗa ba. Da safe ita ke zuba shinkafa da miyar miso ta waken soya, shi kuma ya leƙa waje ya ce, "Iskar arewa." Ta ce, "To." Idan sun dawo ya wanke jirgi, ta shanya rigar roba. Da yamma ya ce, "Wanka," ta ce, "Ruwa ya yi zafi." Talabijin na kunne a kan teburin cin abinci, shi ke cike gurbin da ya rage. Idan ka ƙirga za ka tarar suna magana kullum, amma duk maganar ta iska ce da mai da gishiri da ranar kwashe shara. Lokacin da 'yarsu Harumi take gida ba a lura ba, domin ta bakinta komai ke wucewa. Tsuyako takan ce, "Gaya wa babanki gwiwata ta dame ni," Genzo kuma ya ce, "Tambayi mamanki ko tana son zuwa garin Ise." Harumi ta yi aure ta koma birnin Nagoya shekara shida kafin wannan labari, ta bar su su biyu da tebur.

Tsuyako ta ce mini ba rana ɗaya abin ya faru ba. Da farko takan ba shi labari ya amsa da "Hmm" idonsa na kan jarida. Sai ta koma taƙaita labarin. Daga baya takan shirya maganar tun tana wanke-wanke, ta zo ta zauna, ta dubi gefen fuskarsa, ta ji a ranta ta riga ta san amsar, sai ta haɗiye. A ƙarshe ta daina shiryawa. Ranar da likita ya ce ƙullin da ke wuyanta ba abin tsoro ba ne, bayan ta yi mako biyu ba ta barci sosai, Genzo ne ya kai ta asibitin da motarsa, ya jira a waje, ya dawo da ita. Ya tambaye ta, "Lafiya?" ta ce, "Lafiya." Bai san ta tsorata ba, ita kuma ba ta gaya masa ba, amma ta riƙe shi da laifin rashin sani, ta kuma ji kunyar riƙe shi da laifin.

Abin da ya fi yi mata nauyi shi ne babu wanda za ta kai wa kuka. Matar da mijinta ya rasu ana zuwa mata hira, wadda nata ke aiki a jiragen nesa ana tausaya mata. Ita nata yana nan taku biyu daga gare ta, safe da yamma, mutum mai kirki wanda kowa ke yabo. Ta ce idan ya tafi taron masunta ya bar ta ita kaɗai a gidan takan ji sauƙi, sai ya dawo ya zauna kusa da ita kaɗaicin ke dawowa.

A makon ƙarshe na kakar awabi, a watan Satumba, ta yi wani abu da ba ta taɓa yi ba. Ta sauka ƙasa, lafiyarta ƙalau, numfashinta cike, ga awabi a gabanta, sai ta fizgi igiya a daƙiƙa ta goma sha biyar. Genzo ya jawo ta kamar walƙiya. Ta fito hannu wofi, ta kama gefen jirgi, ta ɗaga gilashin fuskarta ta zuba masa ido. So take ya ce, me ya same ki. Ya duba ɗaurin ƙugunta, ya duba igiyar tun daga farko har ƙarshe, ya taɓa wilin da igiyar ke bi ta kai, ya dubi ruwa. Da ya tabbata babu abin da ya lalace, sai ya miƙo mata dunƙulen ƙarfen.

Ta karɓa ta koma ƙasa. A wannan saukar ta yanke shawara.

Ta bari sanyi ya wuce. Ana saura kwana goma a buɗe ruwa don sabuwar kakar nutso, ta tafi bukkar matan gaɓa da dankalin da ta busar, ta tarar da su biyar suna gyaran raga a bakin wuta.

"A'a, yau matar manya ce a bukkar talakawa?" in ji kakata. "Ku matsa mata, kada hayaƙi ya ɓata mana abin misali."

Aka yi dariya. Tsuyako ta zauna ta ce, "Yaya Masuno, so nake bana in shiga ruwa tare da ku."

Dariyar ta tsaya. Wata mai suna Kikue, wadda bakinta ba ya da linzami, ta ce, "Jirgin ne ya huje ko mai jirgin?"

"Duka lafiyarsu lau."

"Ya fara shan giya?"

"Kofi ɗaya, kamar kullum."

"To ya yi wata budurwa a garin Toba? Da wannan fuskar tasa kamar busasshen kifi?"

"Kikue, ke dai ba ki da kirki. Bai yi komai ba."

"To ni ban gane ba. Nawa tun asuba yake zuba kamar rediyon da maɓallinsa ya karye. Mu yi musaya mana, in ƙara miki da kyanwa."

Tsuyako ta yi dariya har da hawaye, sai dai hawayen bai tsaya tare da dariyar ba. Ta goge da bayan hannu ta ce, "Ya san numfashina fiye da ni. Amma da za a tambaye shi abin da ke raina tun tafiyar Harumi, ba zai iya kawo ko ɗaya ba. Ni ma da za a tambaye ni nasa, ban sani ba. Ina so in zauna inda idan na yi magana wani zai ce, sai kuma aka yi yaya."

Kakata ta juya dankali a kan wuta ta ce, "Kin san a gaɓa ba za ki samu rabin abin da kike samu a tsakiya ba. Kin kuma san abin da za a ce. Mace ba ta sauka daga jirgin mijinta sai in ya mutu ko hannunsa ya gaza. Duk wanda ya ga tayarki rataye a nan zai ce ba ki yarda da hannun Genzo ba."

"Na sani. Shi ya sa na yi shekara shida ban zo ba."

"To kawo tayar. Amma ki gaya masa da bakinki kafin ya ji a wurin Kikue."

Washegari da safe ta gaya masa, bayan ya faɗi iskar ranar. Ta shirya wa fushi, ta shirya wa tambaya, har ta tanadi amsa. Genzo ya ajiye sandunan cin abincinsa, ya daɗe yana kallon kwanon miya, sannan ya ce, "To." Ya tashi ya fita wurin jirgi. Tsuyako ta ce a duk shekarunsu babu kalmar da ta taɓa yi mata zafi kamar wannan, domin ta ɗauke ta a matsayin shaidar cewa ko ta zauna ko ta tafi duk ɗaya ne a wurinsa.

Aka buɗe ruwa. Tsuyako ta bi matan gaɓa da tayarta, maza a bakin tasha suka kau da kai kamar ba su gani ba, aka yi ta ƙus-ƙus. Wasu suka ce idon Genzo ne ya fara rauni. Shi bai musa wa kowa ba. Abin da ya yi shi ne, kullum da zarar matan sun shiga ruwa sai ya fito da jirginsa shi kaɗai, ya kashe inji can nesa da su, inda ƙa'ida ta yarda, ya zauna. Ba ya jefa ƙugiya, ba ya komai. Idan sa'a ɗaya da rabi ta cika aka ɗaga tutar fitowa, sai ya juya ya koma.

"Ga mai gadinki can," Kikue takan ce idan sun ɗago suna fito da numfashi. "Ki ɗaga masa hannu mana, ko ya samu abin faɗa wa kifaye."

Tsuyako ba ta ɗaga ba. A bukka kuwa ta sami abin da ta zo nema, ta yi hira har muryarta ta dushe. Sai dai ta gano cewa hirar bukka ba ta shiga gida tare da ita. Takan dawo da bakinta cike da labari, ta tarar da shi a tebur, komai ya koma ciki, shirun ma ya fi na da nauyi, domin yanzu babu ko zancen igiya da mai.

A rana ta tara kakata ta gaji. Ta tarar da Genzo da hantsi a inda ake jawo jirage, yana goge abin da ya riga ya goge.

"Kai Gen, tun kana yawo ba wando na san ka, saboda haka ba zan yi maka kwana-kwana ba. Me kake yi a can kullum kamar gunki?"

"Ƙirge nake yi, Yaya."

"Ƙirgen me?"

"Numfashinta. Tana wuce hamsin a gaɓa. Ba ta saba da hawowa da ƙafarta ba. Ki ce ta rage."

"In ce? Ni 'yarka ce? Gidanku ɗaya, teburinku ɗaya, ni za ka aika?" Ta zauna a kan akwatin kifi. "Ka tambaye ta dalilin saukarta?"

"Ta riga ta yanke. Idan na tambaya kamar ina tsare ta ne. Ta gaji da ni, tana da gaskiya. Idan Harumi ta bugo waya ina jin yadda take dariya, ni ba ta yi mini irinta. Sai in fita rumfa in ba su wuri."

"Ita kuma tana cewa ka fita ne don hayaniyarta ta ishe ka. Kai, ku biyun nan kun isa a haɗa ku a jefa a teku. Da can ai kana da baki. Na tuna lokacin aurenku har waƙa kake yi a jirgi, muna jiyo ka daga gaɓa muna toshe kunne."

Sai Genzo ya gaya mata cewa a shekararsu ta biyu, wata rana Tsuyako ta faɗi wani abin dariya kafin ta nitse, shi kuma ya zauna yana maimaita shi a ransa yana shirya abin da zai mayar mata. Fizgar farko ta wuce shi, sai a ta biyu ya ja. Ta fito leɓenta ya yi shuɗi. Ita ta ɗauka ruwa ne ya ja igiyar, bai gyara mata zaton ba. Daga ranar ya hana kansa magana a jirgi, ya hana kansa sauraro. Bai yi niyyar shirun ya bi shi gida ba, amma ya bi shi, shekara ta bi shekara, har ya zamana idan ya buɗe baki bai san ta ina ake farawa ba. Da mutane suka fara cewa ba sa bukatar magana, sai ya yarda, ya ɗauka ita ma ta yarda.

Kakata ta ce, "Wannan da ka gaya mini, ni ba zan ɗauke shi ko taku ɗaya ba. Na tsufa da dako. Muna bukka har azahar."

Namiji ba ya shiga bukkar matan nutso. Washegari, bayan an fito daga ruwa, matan suna zaune a bakin wuta da tawul a ka, sai suka ji takun takalmin roba ya tsaya a bakin ƙofa. Aka yi gyaran murya sau biyu.

"Wane ne?" in ji Kikue, alhali tana hango shi ta tsagin katako. "In mai sayar da kifi ne muna da shi."

"Seko ne. Tsuyako tana ciki?"

Kakata ta ce duk bukkar sai da aka dubi juna, domin babu wadda ta taɓa jin ya faɗi sunan. "Ke" yake cewa, ko "mamar Harumi". Tsuyako ta tashi ta tsaya daga ciki, labulen ƙofa tsakaninsu.

"Ina ji, baban Harumi."

"Na zo ne in tambaya. Me ya sa kika sauka?"

"Sai yau?"

"Sai yau. Na yi latti."

"A gaban waɗannan kake so in faɗa?"

"Mu ai kurame ne," in ji Kikue. Kakata ta make ta da tawul.

Tsuyako ta ɗaga labulen ta fita ba takalmi. Suka taka zuwa kan katangar da ke tare igiyar ruwa, suka zauna a rana, da tazarar mutum ɗaya tsakaninsu. Daga bukka ba a jin abin da suke cewa, ana dai gani. Ita ta fi yin magana. Ta ce mini ta gaya masa zancen makon asibiti, da yadda take jin ta fi kaɗaita idan yana ɗaki, da cewa ita ma ta daina tambayarsa komai tun da daɗewa kuma ta san wannan laifin nata ne. Shi kuma ya ba ta labarin fizgar da ta wuce shi, yana kallon gwiwoyinsa. Ta yi fushi, ba don kuskuren ba, sai don shekara talatin da biyu da aka biya a kansa ba tare da an shawarce ta ba.

"Da ka faɗa a ranar, da na zage ka son raina, mu ci abinci, shi ke nan."

"To zage ni yanzu."

"Ba na so. Ya huce."

Ya tambaye ta ko za ta dawo jirgi. Ta ce a'a. Ta ce idan ta dawo zai koma ƙirge, dole ne ya koma, rayuwarta ce a hannunsa, kuma ba za ta so ya yi hira da igiya a hannu ba. Shekara talatin da huɗu ta samu mai riƙe ta mafi kyau a gaɓar nan, yanzu abin da ya rage mata na ƙarfi tana so ta kashe shi wurin samun miji. Idan ya yarda, ya daina fitowa yana gadinta, ya nemi abin yi da safiyarsa, domin ya dawo da abin da zai faɗa.

Wannan ba ƙaramin abu ta nema ba. Yarda da shi na nufin ya bar ƙauye da zaton hannunsa ya gaza, ya kuma rasa abu ɗaya da aka san shi da shi. Ya daɗe yana murza tafinsa, inda igiya ta yi kanta. Sannan ya ce, "To," ya yi sauri ya ƙara da cewa, "Wato na yarda. Ba na so, amma na yarda. Zan ji tsoro kullum da safe."

"Ka riƙa faɗa mini in ka ji."

Ba ta koma jirgin ba har yau. A bukukuwan aure an daina ambaton gidan Seko, wani dattijo ma ya ce abin takaici ne. Genzo ya koma kamun kifi da ƙugiya a bayan tsibiri, kuma kowa ya san bai iya ba. Ba zan ce sun zama masu surutu ba, akwai ranakun da ba na jin komai ta katanga sai kwanuka. Tsuyako ta ce wani lokaci yakan fara magana ta mutu a tsakiya, su zauna suna kallon juna kamar baƙi a tashar jirgin ƙasa, sai dai yanzu ɗayansu yakan sake tayar da ita.

Wata ranar Lahadi da rana ina gyara shingenmu, na jiyo shi ta taga yana ba ta labarin wani kifi da ya tsinke masa zare. Labarin ba shi da kai, ya fara daga tsakiya, ya koma baya ya faɗi iska, ya manta inda ya tsaya.

"Sai kuma me?" in ji Tsuyako.

"Shi ke nan. Ya tafi."

"Wannan ne labarin? Kai, baban Harumi, kifin ma ya yi haƙuri da ya tsaya har ka gan shi."

"Tsaya mana, ban gaya miki girmansa ba."

"To ina ji. Amma kada ka wuce tsawon teburin nan, miya tana kai."